Yadda Ake Li'irabin Jimlar Larabci a Takardar Tamrini, Wasali Bayan Wasali

A makarantun Islamiyya da na sakandare na cikin garin Sakkwato, har ma a ajujuwan farko na sashen Larabci na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, hanyar da malamai suka fi bi wajen gwada ɗalibi a darasin nahawu ita ce a raba masa takarda mai ɗauke da 'yan jimloli da aka yi wa wasali, a ƙarƙashin kowace jimla a ja masa gidaje, a ce ya yi li'irabi, wato ya faɗi matsayin kowace kalma a jimla da alamar da ke nuna shi. Da yawan waɗanda ke faɗuwa a wannan aiki sun hardace ƙa'idojin, wasu ma za su kawo maka babin alamomin li'irabi na Ajurrumiyya da ka ba tare da tuntuɓe ba. Abin da ke kada su abu biyu ne. Ko dai ido ya karanta wasalin da ba shi ne a takarda ba, ko kuma ya karanta daidai, sai hannu ya yi gaggawar rubuta hukunci tun kafin a duba matsayin da kalmar take a cikin jimla. Bayanin da ke tafe zai bi jimla guda ɗaya tun daga farkonta har ƙarshenta domin a ga inda waɗannan kurakurai biyu suke shigowa. Zan rubuta jimlolin Larabcin da haruffan boko, in ninka wasalin da ake ja, kamar aa da ii da uu, domin a nan tsawon wasali yana canja ma'ana.

Kafin a ɗora fensir

A yi aikin da fensir mai tsini, a ajiye biro sai lokacin da aka gama bincike. Mai rubutu da hannun dama idan yana tafiya daga dama zuwa hagu gefen hannunsa yana bi ta kan abin da ya riga ya rubuta, kuma tawada ɗanya ba ta da wuyar shafe ƙaramin wasali ta mayar da shi ɗigo. A nemi farar takarda guda wadda ba a yi rubutu a kanta ba, domin rufe layukan da ba a kai gare su ba. Sannan a nemi haske sosai. Wanda zai yi tamrininsa bayan sallar isha'i da hasken da bai kai ya kawo ba, gara ya bari sai da hantsi ya zauna a bakin zaure.

Daga nan sai a dubi takardar kanta. Mafi yawan waɗannan takardu hoton kwafi ne da aka sake kwafa daga wani kwafin, kuma a lokacin hunturu ƙurar da ke kwanciya a kan gilashin na'urar tana fitowa a takarda kamar ƙananan ɗigogi. Hanyar ganewa ita ce a dubi gefen takardar inda babu rubutu. Idan can ma akwai irin waɗannan tabo, to kada a amince da kowane ɗigo da aka gani kusa da baƙi sai an tabbatar yana zaune daidai inda alama ke zama. Idan wata kalma ta dushe, a ɗauki hotonta da waya a faɗaɗa, ko a kwatanta da takardar abokin karatu, domin ba lallai ne tabon ya faɗa wuri ɗaya a takardun duka ba.

Jerin takardar ma yana bukatar a tsaya a kansa kaɗan. Gida na farko shi ne na can dama, kuma a nan ake rubuta kalmar. Na biye da shi ta hagu na nau'inta ne, wato suna ce ko fi'ili ko harafi, sai na matsayinta a jimla, sai na alamar, wani lokaci da gida na ƙarshe na dalili. Wanda ya saba da jadawalin boko yakan fara cikewa daga hagu, ya zuba dalili a gidan kalma. Haka kuma duk inda malami ya ce "kalmar da ke gabaninta" yana nufin wadda ke damanta, wadda ke biye da ita kuwa tana hagunta. Lambobin tambayoyi su kaɗai ne ba su bi wannan tsari ba, domin goma sha biyu ana rubuta ta da ɗaya a hagu, biyu a dama, kamar yadda ake yi a boko. A lambobin da littattafan Gabas ke amfani da su, biyar tana kama da ƙaramin zobe, sifili ɗigo ne kawai, shida kuma tana kama da bakwai ta boko, saboda haka a tabbatar amsar tambaya ta shida ba ta tafi gidan ta bakwai ba.

Akwai kuma abin da ya shafi wanda ya taso a makarantar allo, ya saba da rubutun Warshu irin na Magariba. A can fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A takardar da aka buga da na'ura fa ce ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf tana da biyu. Ido da ya daɗe a kan allo zai iya ganin farra, ya gudu, ya karanta ƙarra, ya tabbata, ma'ana ta juye gaba ɗaya.

Karatu na farko: baƙi da wasalinsa kawai

A rufe duk abin da ke ƙasa da jimlar da farar takardar nan, a bar ɗan fili domin kisira ta fito. Wannan rufewa tana da dalili, domin idan layuka sun matsu, kisirar layin sama takan sauko ta zauna kamar fatahar layin ƙasa, tun da siffarsu ɗaya ce, ɗan gajeren layi a karkace, wurin zama ne kawai ya raba su. Sai a bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da tsinin fensir, ana furta kowane da wasalinsa da ɗan sauti, ba tare da an damu da ma'ana ba tukuna. A wannan karatu an haramta tsayawa a kan ƙarshen kalma da ɗauri irin na mai magana, domin wasalin ƙarshe shi ne abin da aka zo nema.

Sanin asalin siffofin yana taimaka wa ido. Abul Aswad Addu'ali ne aka ce ya fara sa alamun wasali da ɗigogi masu launi, sai Halilu ɗan Ahmad na Basra ya mayar da su siffofin da ake amfani da su yanzu. Rufu'a ƙaramar wawi ce, saboda haka tana da kai da wutsiya. Ɗauri kuwa a bugun na'ura ɗan zobe ne wanda ba shi da wutsiya. Idan kwafi ya dushe, wutsiyar rufu'a ce ke fara ɓacewa, shi ya sa ake yawan rikita su biyun. Shadda kan harafin shin ne da aka cire wa ɗigogi, haƙora uku ƙanana.

Shaddar nan ita ce ke ɗauke da tarkon da ya fi kama ɗalibai. A yawancin bugun zamani, idan baƙi yana da shadda da kisira tare, ba a saukar da kisirar ƙarƙashin baƙin. Ana sa ta a ƙarƙashin shaddar, su biyun duka a saman baƙi. Wanda ya riƙe cewa duk abin da ke sama fataha ne zai karanta ta fataha. Ƙa'idar ita ce a auna da shadda: layin da ke saman shadda fataha ne, wanda ke ƙasan shadda kisira ne ko da yana saman baƙin. Bambancin mu'allim, mai koyarwa, da mu'allam, wanda aka koyar, bai wuce wannan ɗan matsawar ba.

Jimlar da za mu bi

Istaƙbalal mu'allimaati mudiirul madrasati ba'da rujuu'ihinna min Makkata.

Bayan karatu na farko, sai a raba jimlar kalma kalma da ɗan tsayayyen layi na fensir, ana tafiya daga dama. A kula cewa abin da aka rubuta a haɗe ba lallai ne ya zama kalma ɗaya ba. Rujuu'ihinna kalmomi biyu ne, rujuu'i da hinna, kowace za ta ci layinta a jadawali. Ta haka jimlar ta zama kalmomi tara. A rubuta su a gidan dama, kowace da cikakken wasalinta kamar yadda aka gani, domin malami ya san karatun da aka gina amsa a kansa.

Mataki na gaba shi ne cike gidan nau'i gaba ɗaya kafin a taɓa sauran gidajen. Suna ana gane shi da alif da lam, ko tanwini, ko shigar harafin jarri a kansa. Almu'allimaati da almadrasati sun bayyana kansu da alif da lam, Makkata kuma min ta shiga a kanta. Min harafi ne. Mudiiru da ba'da da rujuu'i sunaye ne, hinna lamiri ne, lamiri kuwa a cikin sunaye yake. Istaƙbala fi'ili ne, kuma tun da shi ya buɗe jimlar, jimlar ta fi'ili ce, abin da za a nema a cikinta shi ne fa'ili da maf'uli.

A fi'ili, wasulan tsakiya suna da nauyi kamar na ƙarshe. Baƙaƙen istaƙbala shida ne, alif da sin da ta da ƙaf da ba da lam, kuma waɗannan baƙaƙe shida suna karɓar karatu fiye da ɗaya. Idan ta da ba duka suna da fataha, istaƙbala ne, ya tarba. Idan ta na da rufu'a, ba na da kisira, ustuƙbila ne, an tarba, wanda ba a ambaci mai aikinsa ba. Idan ta na da fataha, ba na da kisira, lam na da ɗauri, umarni ne, istaƙbil, ka tarba. Saboda haka sai a ɗora fensir a kan ta, a ɗora a kan ba, a tabbatar. A jimlarmu fataha ce a duka biyun, don haka za a rubuta: fi'ili mali, mabni a kan fataha. Wannan fataha ta gini ce, ba ta nuna nasabi, domin fi'ili mali ba ya canja ƙarshensa saboda wani abu da ya shiga a kansa.

Kalma ta biyu ita ce inda aikin yake. Da farko a dubi ƙarshenta da kyau. Akwai alif bayan mim, sannan ta buɗaɗɗiya, wato jam'i ne, malamai mata. Da ta kuri ce, mai zagaye da ɗigo biyu, babu alif, da malama ɗaya ce. Sannan a dubi lam mai shadda, a ga layin yana ƙasan shadda, mu'alli ne. Daga ƙarshe a dubi ta, a ga kisira ɗaya a ƙarƙashinta.

A nan ɗalibai sukan rabu gida biyu, kuma duka biyun sun kauce. Kashi na farko suna cewa fa'ili ce, saboda ita ce ta biyo bayan fi'ili. Wannan sabo ne na harshenmu, domin a Hausa jeri ne ke nuna wanda ya yi da wanda aka yi wa, idan ka ce Audu ya tarbi Garba ba ka da hanyar juya sunayen ma'ana ta tsaya yadda take. Larabci yana da wannan hanya, wasalin ƙarshe ne ke riƙe ma'anar. Da malaman ne suka yi tarbar, da ta ɗin na da rufu'a, kuma da fi'ilin ya zo da alamar mace, istaƙbalat. Babu ko ɗaya daga cikin biyun. Kashi na biyu suna ganin kisira sai su rubuta majruri. Wanda ya rubuta haka sai a tambaye shi abin da ya jawo jarrin. Suna yana zama majruri ne idan harafin jarri ya gabace shi, ko an jingina wani suna gare shi, ko yana bin wani majruri a matsayin sifa da makamantanta. A dubi dama da kalmar, babu komai sai fi'ili, fi'ili kuwa ba ya jawo jarri.

Amsar tana cikin babin alamomi. Ibnu Ajurruma, mai littafin Ajurrumiyya, mutumin Fas wanda ya rasu a shekara ta 723 bayan hijira, ya lissafa wa rafa'i alamomi huɗu, nasabi biyar, jarri uku, jazami biyu, kuma kisira tana cikin biyar ɗin nasabi. Wurinta shi ne jam'in mata lafiyayye, wanda aka yi da ƙarin alif da ta. Irin wannan jam'i ba ya ɗaukar fataha a ƙarshensa, kisira ce ke tsaya mata. Tun da fi'ilin tarba yana bukatar wanda aka tarba, za a rubuta: maf'ulun bihi da aka gabatar, mansubi, alamar nasabinsa kisira a madadin fataha, domin jam'in mata ne lafiyayye. A ra'ayina, duk amsar da ta tsaya a "mansubi da kisira" ba ta kawo dalilin ba, rabin maki ya kamata ta samu, domin dalilin ne ke nuna ɗalibi ya gane ko kuwa dace ya yi.

Yanzu fi'ili yana nan yana jiran mai aikinsa, sai a ci gaba hagu. Mudiiru na da rufu'a a kan ra. A duba da kyau ko ɗaya ce ko biyu, domin tanwinin rufu'a a wasu bugu rufu'a ɗaya ce da ɗan ƙarin lanƙwasa a wutsiya. A nan ɗaya ce. Suna wanda ba shi da alif da lam, ba shi kuma da tanwini, sannan wani suna mai kisira ya biyo shi, alama ce mai ƙarfi ta jingina. Za a rubuta: fa'ili da aka jinkirtar, marfu'i, alamarsa rufu'a bayyananniya, kuma mulafi ne. Almadrasati kuwa mulafun ilaihi ne, majruri, alamarsa kisira. Ga kisira ta biyu a jimlar, wadda ta yi daidai da abin da ido ya zata, domin akwai abin da ya jawo ta a damanta.

Ba'da zarafin lokaci ne, mansubi da fataha, yana rataye da istaƙbala domin yana faɗin lokacin da aka yi tarbar, kuma shi ma mulafi ne. Rujuu'i mulafun ilaihi ne, majruri da kisirar da ke ƙarƙashin ain, sannan shi kansa an jingina shi ga lamirin da ke manne da shi. Inda ake kuskure a nan shi ne neman alamar li'irabi a can ƙarshen rubutun, a kan nun, alhali ƙarshen sunan ain ne. Hinna lamiri ne mai haɗe, mabni a kan fataha, a mahallin jarri, mulafun ilaihi. Kisirar da ke ƙarƙashin ha ba ta shiga jadawali, asalin lamirin hunna ne, kisirar ain ce ta ja shi ya koma hinna domin sauƙin furuci. Wannan lamiri yana kuma ba da shaida a kan abin da ya gabata, tun da na mata ne masu yawa, wato malaman ne suka dawo, kuma karatun da aka yi wa kalma ta biyu a matsayin jam'i ya inganta.

Saura kalmomi biyu. Mim da nun suna iya zama min, daga, ko man, wane ne, kuma kisirar da ke ƙarƙashin mim ce ta raba gardama. Min harafin jarri ne, mabni a kan ɗauri. Makkata kuwa tana da fataha ɗaya a kan ta kuri, babu tanwini. Na taɓa jin wani ɗalibi ya ɗaga hannu a kan irin wannan ya ce, "Allah ya gafarta malam, ina jin mai buga takardar ya yi kuskure, ai bayan min kisira ake sa wa." Malamin ya ce masa, "Ɗana, koma ka ƙirga alamomin jarri, ka gaya mini ta ukun." Ta ukun ita ce fataha, a sunan da ba ya karɓar tanwini. Makka sunan wuri ne ayyananne kuma na mace, waɗannan dalilai biyu suka hana shi tanwini da kisira. Za a rubuta: suna majruri da min, alamar jarrinsa fataha a madadin kisira, domin mamnu'i ne daga sarfi saboda kasancewarsa sunan yanka kuma na mace. Harafin da majrurinsa suna rataye da rujuu'i, domin daga Makka aka dawo, tarbar ba daga can aka yi ta ba.

Idan aka dubi jadawalin da aka cike daga sama zuwa ƙasa, za a ga kalmomi huɗu sun ƙare da fataha, amma ɗaya ce kawai daga cikinsu mansubiya, wato ba'da. Biyu na gini ne, ɗaya ta jarri. Uku sun ƙare da kisira, biyu majrurai, ɗaya mansubiya. Wannan shi ya sa tsarin tambayoyin da ɗalibi zai yi wa kowace kalma bai kamata ya canja ba: mene ne nau'inta, mai canjawa ce ko ginanniya, me ya yi aiki a kanta daga dama, wane hukunci wannan ya ba ta, sannan a ƙarshe ko wasalin da ke takarda yana cikin alamomin wannan hukuncin ga irin wannan kalma.

Idan malami ya juya jimlar

Malamai suna son maimaita jimla ɗaya da ɗan canji a tambaya ta gaba, domin su kama wanda ke kwafe amsarsa ta baya. A ce tambaya ta biyu ta zo haka: Ustuƙbilatil mu'allimaatu ba'da rujuu'ihinna minal Madiinati. Ta ta farko a fi'ilin yanzu tana da rufu'a, ba na da kisira, an ɓoye mai aikin, mudiiru ya fita daga jimlar. Almu'allimaatu ta hau matsayinsa da rufu'a, sunanta na'ibul fa'ili, marfu'i. Fi'ilin ya samu ta ta mace a ƙarshensa, kuma a ƙarƙashin wannan ta akwai kisira. Fi'ili ba ya shiga jarri ko kaɗan, saboda haka wannan kisira ba alamar li'irabi ba ce. Asalin ta ɗin ɗauri ne, lam ɗin da ke biye da ita ma ɗauri ne, alif ɗin da ke tsakaninsu kuma ba a furta shi a cikin tafiyar magana, harshe ba zai iya haɗa ɗauri biyu ba, sai aka motsa na farko da kisira. Abin da za a rubuta shi ne: ta ta mace, harafi, mabni a kan ɗauri, an motsa shi da kisira saboda haɗuwar ɗauri biyu.

Dalili ɗaya ne ya sa min ta koma mina gabanin alif da lam, sai dai ita da fataha ake motsa ta. A nan ido yakan ruɗe ya ga fataha a kusa da mim da nun ya karanta man, alhali fatahar a kan nun take, kisirar mim tana nan inda take. Almadiinati kuma ta karɓi kisirarta ba tare da wani madadi ba. Wanda yake so ya ga iyakar ƙa'idar mamnu'i sai ya gwada da kalmar masallatai: fii masaajida da fataha, amma fil masaajidi da kisira, haka ma fii masaajidi Sakkwato, domin alif da lam ko jingina suna dawo da kisira.

Binciken amsa kafin a miƙa

A bi jadawalin a tabbatar kowane fi'ili ya samu fa'ilinsa ko na'ibinsa, kowane harafin jarri ya samu majrurinsa, kuma duk inda aka rubuta mulafi layin da ke ƙarƙashinsa ya ce mulafun ilaihi. Daga nan a fassara jimlar zuwa Hausa bisa abin da aka rubuta a gidajen, ba bisa abin da zuciya ta fara ɗauka ba. Jimla ta farko za ta ba da: shugaban makarantar ya tarbi malamai mata bayan dawowarsu daga Makka. Wanda jadawalinsa ya ce malaman ne fa'ili zai ga ya bar mudiiru da rufu'arsa babu aikin yi, kuma marfu'i da ba shi da gurbi shaida ce cewa an yi kuskure a wani wuri a damansa.

Idan wasalin ƙarshe ya goge gaba ɗaya kuma babu damar tambaya, kamar a ɗakin jarrabawa, sai a bi ta ɗaya hanyar. A fitar da matsayin daga sauran kalmomin da wasalinsu ya fito, a sa wa kalmar wasalin da matsayin ya hukunta a gidan dama, a rubuta amsa a kansa. A jimlarmu, ko da kisirar almu'allimaati ta ɓace, rufu'ar mudiiru da rashin ta a ƙarshen fi'ili sun isa su nuna maf'uli ce.

Akwai kuma kalmomin da ba za a ga wasalin ƙarshensu ba ko da bugun ya fito tsaf, domin sun ƙare da alif, alif kuwa ba ya ɗaukar wasali. A jimla kamar Istaƙbala Muusaa Yahyaa babu rufu'a ko fataha da za a nema da gilashi, kuma babu wata shaida ta ma'ana da ke nuna wanda ya tarbi wani. A irin wannan wuri malaman nahawu sun wajabta a bi jeri, na farko shi ne fa'ili, na biyu maf'uli. Za a rubuta wa Muusaa: fa'ili, marfu'i, alamarsa rufu'a ƙaddararriya a kan alif, rashin yiwuwar furtawa ya hana ta bayyana. Yahyaa kuma maf'ulun bihi ne, mansubi, da fataha ƙaddararriya bisa wannan dalili. Da jimlar ta kasance Akalal kummasraa Muusaa, inda kummasraa sunan wani ɗan itace ne da ake ci, to ma'ana ta wadatar, Muusaa ne fa'ili ko da ya zo a ƙarshe, kuma sai a ƙara a gidan dalili cewa an jinkirtar da shi.